Tambayar hanya da yankar tikiti da Sifaniyanci a Madrid: Abin da ya kamata ka sani

Idan tafiya ta kai ka Madrid, babban birnin ƙasar Sifaniya, kuma ba ka jin harshensu, abu biyu za su fara tare ka tun kafin ka ajiye jaka a masauki. Na farko, yadda za ka tambayi hanya. Na biyu, yadda za ka yanki tikitin abin hawa. Haddace tambaya ba shi da wuya, cikin minti biyar za ka iya. Inda baƙo ke shan wahala shi ne wajen amsa, domin mutanen Madrid suna magana da sauri, kuma da zarar sun ji ka furta jimla ɗaya daidai sai su ɗauka kana jin harshen sosai. Saboda haka dabarar da za mu bi a nan ita ce ka yi tambayar da amsarta gajera ce, ka kasa kunne ga 'yan kalmomi kaɗan, sannan ka maimaita abin da ka ji don a tabbatar maka.

Zan iya furta kalmomin kuwa?

Za ka iya, kuma bakin Bahaushe ya fi na mutane da yawa dacewa da wannan harshe. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana furta su kamar yadda ka saba a karatun boko na Hausa. Ba sa canza sauti daga kalma zuwa kalma. Harafin r ma ana kaɗa shi da harshe kamar na Hausa.

Baƙaƙe kaɗan ne za ka kiyaye. Harafin h ba a furta shi sam, don haka *hola*, wato sannu, “ola” ake cewa. Harafi biyu na *ll* suna fita kamar y, shi ya sa *calle*, wato titi, ake cewa “kaye”, *billete*, wato tikiti, ake cewa “biyete”. Harafin v kamar b yake. *Ch* shi ne c ɗinmu na “ciki”, *qu* kuma k ne. Harafin j yana fitowa daga maƙogwaro kamar “kha” ta Larabci da ka sani a karatun allo. Shi kuma z, da c idan e ko i ya biyo bayansa, mutanen Madrid suna furta su da harshe tsakanin haƙora kamar “tha” ta Larabci. Idan wannan ya yi maka nauyi ka furta s, za a gane ka, domin haka ake furtawa a kudancin Amurka da wasu sassan kudancin Sifaniya.

Harafin p ne ke bukatar ɗan kula, tun da mun saba mayar da shi f. Ka haɗe leɓɓanka gam kamar za ka ce b, sannan ka sake su da iska. Za ka bukace shi a kalmomin da ba ka rabuwa da su, irin su *perdone* da *por favor*.

Da me zan fara magana da mutum?

Kada ka tare mutum da tambaya kai tsaye. Ka fara da *Perdone*, wato gafara dai, ko *Disculpe* (diskulpe), ma'anarsu ɗaya. Kana iya ƙara gaisuwa: *Buenos días* (buwenos diyas) da safe, *Buenas tardes* da yamma. A Madrid safiya tana kaiwa har lokacin abincin rana, wajen ƙarfe biyu, don haka kada ka yi mamaki idan aka gaishe ka da *buenos días* da ƙarfe ɗaya. Doguwar gaisuwa irin tamu ba a yin ta da baƙo a kan titi. Kalma ɗaya ko biyu sun wadatar, kuma ba rashin ladabi ba ne.

Sifaniyanci yana da hanya biyu ta cewa “kai”. Akwai *tú* ta abokai da sa'o'i, akwai *usted* ta girmamawa. Duk jimlolin da ke nan na girmamawa ne, don ka iya amfani da su ga dattijo ko ɗan sanda ko ma'aikaci. Idan wanda ka tambaya ya amsa maka da sigar abokai, ya ce *sigue* maimakon *siga*, ko *gira* maimakon *gire*, ba raini ba ne. Haka yawancin mutanen birnin suke yi.

Jimla ɗaya tana rage maka wahala sosai idan ka faɗe ta tun farko: *Hablo poco español* (ablo poko espanyol), wato ina jin Sifaniyanci kaɗan. Mutumin da ya ji haka yakan rage sauri, ya ƙara nuni da hannu.

Wace tambaya ce ta fi amfani?

Tambayoyi uku sun ishe ka. Ta farko *¿Dónde está…?* (donde esta), wato ina wuri kaza yake? Sai ka sa sunan wurin: *¿Dónde está el metro?* Metro shi ne jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa a cikin gari. Ta biyu *¿Para ir a…?* (para ir a), wato ta ina ake zuwa wuri kaza? Wannan ta fi sauƙi, kuma 'yan gari da kansu suna amfani da ita: *¿Para ir a la Plaza Mayor?* Ta uku *¿Hay… cerca?* (ai… serka), wato akwai abu kaza a kusa? Da ita za ka nemi kantin magani, *una farmacia*, ko masallaci, *una mezquita* (meskita). Alamar tambaya da ka gani a kife a farkon jimla ta rubutu ce kawai, ba ta canza furuci.

Amma dukansu uku suna jawo doguwar amsa. Saboda haka ka riƙe wasu biyu waɗanda amsarsu i ce ko a'a. Ka nuna hanya da hannu ka ce *¿Por aquí?* (por aki), wato ta nan? Sannan ka ce *¿Está lejos?* (esta lekhos), wato da nisa? Amsa za ta zo da *sí* ko *no*, sau da yawa tare da adadin mintuna. Ko ba ka gane komai a doguwar amsa ba, waɗannan biyu za su ɗora ka a kan hanya, ka je gaba ka sake tambayar wani. Matambayi ba ya ɓata, musamman idan yana yin tambayar a kowace mahaɗa maimakon ya nemi a kwatanta masa duk hanyar a zama ɗaya.

To idan aka amsa da sauri, me zan saurara?

Kada ka yi ƙoƙarin fahimtar kowace kalma. Ka bar jimlar ta wuce, ka tsinci waɗannan kawai:

- *izquierda* (iskiyerda): hagu
- *derecha* (dereca): dama
- *todo recto* (todo rekto): miƙe sosai
- *primera, segunda, tercera*: na farko, na biyu, na uku
- *al final*: a ƙarshen titi
- *enfrente*: a ɗaya gefen, yana fuskantarka
- *al lado*: a gefensa
- *esquina* (eskina): kusurwar titi
- *semáforo*: fitilar ba da hannu

Akwai tarko guda da ke kama baƙi da yawa. *Derecha* dama ce, amma *derecho*, mai o a ƙarshe, miƙewa ce. Idan aka ce maka *todo derecho*, ana nufin ka miƙe, kada ka karkata. Wasali ɗaya ne ya raba su, kuma cikin ƙarar motoci yana iya ɓace maka. Ka lura da abin da ya zo gabanta: *a la derecha* kwana ce zuwa dama, *todo derecho* kuwa miƙewa. Idan kana shakka, ka tambaya da ɗaya kalmar: *¿Recto?*

Ga yadda abin yake a aikace. Kana tsaye a Puerta del Sol, dandalin da ke tsakiyar birnin, inda mutum-mutumin dabbar beyar yake jingine da bishiya, kana neman Plaza Mayor. Ka ga wata dattijuwa, ka ce, “*Perdone, señora, ¿para ir a la Plaza Mayor?*” Ta nuna maka da hannu ta ce, “*Siga todo recto por la calle Mayor, y luego a la izquierda. Está a cinco minutos.*” Cikin wannan duka abu huɗu kake bukata: *recto*, *calle Mayor*, *izquierda*, *cinco minutos*. Ka miƙe ta titin Mayor, ka yi hagu, tafiyar minti biyar ce. Kafin ka ce *gracias*, ka maimaita mata kana nunawa da hannunka: “*Recto, izquierda.*” Idan ka ji daidai za ta ce *eso es*, wato haka ne. Idan ka yi kuskure, a nan take za ta gyara maka, kafin ka ɓata ƙafa.

Idan maganar ta fi ƙarfinka, akwai abin cewa. *Más despacio, por favor* (mas despasiyo), a hankali don Allah. *¿Puede repetir?* (puwede repetir), ko za a maimaita? *No entiendo* (no entiyendo), ban gane ba. Ko ka miƙa wayarka da taswira a buɗe ka ce *¿Dónde estoy?*, wato ina nake? Amma ka miƙa wa wanda ka natsu da shi, kamar mai kanti ko ma'aikacin tasha, domin wuraren cunkoso irin Sol ba sa rasa 'yan sane.

Yaya ake yankar tikitin metro?

Metro na Madrid ya fara aiki a 1919, yana da manyan layuka 12, kowanne da lambarsa da launinsa, kuma yana aiki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 1:30 na dare. Abin da ke rikita baƙo shi ne an daina tikitin takarda. Sai ka fara mallakar wani jan kati na roba mai suna *Tarjeta Multi* (tarkheta multi), sannan ka zuba tafiye-tafiyenka a ciki. Kuɗin katin kansa Yuro 2 da santi 50 ne, sau ɗaya ake saye, kuma ba a rubuta sunan kowa a kai. Kada ka jefar da shi idan tafiyar da ke ciki ta ƙare, domin shi za ka riƙa sake cikawa.

A na'ura ake saye, wadda suke kira *máquina* (makina). Yawancin tashoshi ba su da tagar mai sayar da tikiti, sai dai ma'aikaci da ke tsaye kusa da na'urorin. Na'urar tana barin ka canza harshe zuwa Turanci ko Faransanci, amma yana da kyau ka san sunayen Sifaniyanci, tun da su ne ma'aikaci zai faɗa maka. *Sencillo* (sensiyo) shi ne tafiya ɗaya. *10 viajes* (diyes biyakhes) tafiya goma ce a dunƙule. *Suplemento Aeropuerto* ƙarin kuɗi ne da ake biya don shiga ko fita daga tashoshin filin jirgin sama. Idan ka rasa inda za ka taɓa, ka ce wa ma'aikacin *¿Me ayuda, por favor?* (me ayuda), wato ko za ka taimake ni? Sai ka faɗi inda za ka: *Voy a Sol* (boi a sol), za ni Sol.

Bayan ka saya, ka ɗora katin a kan wurin karantawa da ke jikin ƙofar shiga, ta buɗe maka. A tsakiyar gari sau ɗaya ake ɗorawa, wajen shiga. Sauya layi a cikin tasha, wanda suke kira *transbordo*, ba ya cin ƙarin kuɗi muddin ba ka fita waje ba.

Nawa zan kashe?

A farashin da aka daɗe ana amfani da shi a yankin tsakiyar gari, wanda suke kira *Zona A*, tafiya ɗaya tana farawa daga Yuro 1 da santi 50 idan ba ta wuce tasha biyar ba. Daga nan kowace tasha tana ƙara santi 10, har kuɗin ya tsaya a Yuro 2. Shi ya sa na'urar take tambayarka sunan tashar da za ka sauka. Tafiya goma farashinta na asali Yuro 12 da santi 20 ne, amma a 'yan shekarun nan hukuma tana yi mata rangwame, don haka abin da allon ya nuna maka shi ne daidai. Ƙarin kuɗin filin jirgi Yuro 3 ne ga kowane mutum.

Mu ɗauka ka sauka a filin jirgin Barajas, za ka Sol. Kati Yuro 2 da santi 50, tafiya ɗaya Yuro 2 tun da tashoshin suna da yawa, ƙarin filin jirgi Yuro 3. Jimla Yuro 7 da santi 50. A kan allo za ka ga an rubuta `7,50 €`, domin a Sifaniya waƙafi ne ke raba Yuro da santi, kuma alamar kuɗin a ƙarshe take zuwa. Idan mutum ne zai faɗa maka da baki, zai ce *siete con cincuenta* (siyete kon sinkuwenta), bakwai da hamsin.

Idan za ka yi kwanaki a garin, tafiya goma ta fi araha, kuma tana aiki a metro da bas ɗin cikin gari. Idan ku biyu ne ko uku kuna tafiya tare, kati ɗaya ya ishe ku. Mutum ya ɗora ya wuce, ya miƙo wa na baya, a cire tafiya ɗaya ga kowane mutum. Sharaɗin shi ne ku kasance tare har ku fita, domin idan mai duba tikiti ya tsayar da wanda katin ba ya hannunsa, ba shi da shaidar ya biya. Shi kuwa *sencillo*, a ranar da ka saye shi ake amfani da shi, don haka kada ka saya yau don gobe.

Lambobin da ya kamata ka haddace su ne ɗaya zuwa goma: *uno, dos, tres, cuatro, cinco, seis, siete, ocho, nueve, diez*. Da su ake kiran layukan metro da farashi. Ka kula da *seis* da *siete*, shida da bakwai, da kuma *sesenta* da *setenta*, sittin da saba'in, domin suna kama a kunnen baƙo. Tambayar farashi ita ce *¿Cuánto es?* (kuwanto es). Idan ba ka ji amsar ba, ka ce *¿Me lo escribe?* (me lo eskribe), ko za ka rubuta mini? Mai karɓar kuɗi kuma yana iya tambayarka *¿Efectivo o tarjeta?*, wato tsabar kuɗi ko katin banki?

Ta yaya zan san jirgin da ya nufi inda nake so?

Kowane layi yana da gefe biyu, kuma ba a rubuta gabas ko yamma. Ana gane gefen da sunan tashar ƙarshe, kamar yadda yaron mota a tasha yake kiran garin da motar za ta tsaya, ko da kai a hanya za ka sauka. Kalmar ita ce *dirección* (direksiyon). Don haka sanin lambar layi bai isa ba, sai ka haɗa da sunan ƙarshensa.

Mu bi tafiyar nan daga filin jirgi zuwa Sol. Daga tashar *Aeropuerto T4* za ka hau layi na 8, mai launin ruwan hoda, ka zauna har ƙarshensa, *Nuevos Ministerios*. A nan za ka bi alamar layi na 10, mai shuɗi mai duhu, ka nemi gefen *Puerta del Sur*. Tasha ta uku ita ce *Tribunal*, bayan *Gregorio Marañón* da *Alonso Martínez*. Ka sauka, ka nemi layi na 1, mai shuɗi mai haske, gefen *Valdecarros*. Jirgin zai tsaya a *Gran Vía*, ta gaba ita ce *Sol*. Ka rubuta wannan a takarda kafin ka shiga: 8 har ƙarshe, 10 Puerta del Sur, 1 Valdecarros.

Idan kana kan dandamalin jiran jirgi, wanda ake kira *andén*, kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi na kusa da kai: *¿Va a Sol?* (ba a sol), yana zuwa Sol? Amsar *sí* ce, ko kuma a nuna maka ɗaya gefen a ce *el otro andén*. A cikin jirgi za ka ji murya tana cewa *próxima estación*, tasha ta gaba, sai sunan tashar, sannan *correspondencia con*, sai lambobin layukan da ake sauyawa zuwa gare su. Idan jirgi ya tsaya ƙofa ba ta buɗe ba, ka danna maɓallin da ke jikinta ko ka ɗaga mariƙinta, domin ba kowane jirgi ne ke buɗewa da kansa ba. Alamar fita ita ce *Salida*, kuma a ƙarƙashinta ana rubuta sunan titin da matakalar za ta fitar da kai.

Wannan hanyar tana aiki a ko'ina. Idan kana neman babban masallacin unguwar Tetuán, wanda ake kira masallacin Abu Bakr, layi na 1 ɗin dai za ka hau daga Sol, amma ta ɗaya gefen, *Pinar de Chamartín*, ka sauka a *Estrecho*. Da ka fito sai ka tambaya: *¿Dónde está la mezquita?*

Bas fa?

Bas ɗin cikin gari shuɗaye ne, na kamfanin EMT. Wurin tsayawarsu *parada* ne. Idan ka hango lambar da kake jira, ka ɗaga hannu, in ba haka ba direba yana iya wucewa. Ta ƙofar gaba ake shiga, ta tsakiya ko baya ake fita. Tafiya ɗaya Yuro 1 da santi 50 ce, kuma kana iya biya da katin banki ko ka ba direba kuɗi, amma ba ya karɓar takardar da ta wuce Yuro 5. Idan kana da tafiya goma a katinka, ka ɗora shi a na'urar da ke kusa da direba. Ka sani cewa fita daga metro zuwa bas sabuwar tafiya ce, za a sake cirewa.

Jimla biyu sun isa ga direba. Wajen shiga ka ce *¿Va a Atocha?*, yana zuwa tashar Atocha? Idan ya ce *sí*, ka ƙara *¿Me avisa, por favor?* (me abisa), ko za ka sanar da ni idan mun iso? Sai ka tsaya kusa da shi don kada ya manta da kai. Idan wurin saukarka ya matso, ka danna maɓalli, allo zai nuna `Parada solicitada`, wato an nemi a tsaya. Idan dare ya yi har metro ya rufe, akwai bas ɗin dare da suke kira *búhos*, waɗanda yawancinsu ke tashi daga dandalin Cibeles.

Idan zan fita wajen gari da jirgin ƙasa?

Katinka na metro ba zai kai ka ba. Yawancin jiragen ƙasa na kamfanin Renfe ne, tikitinsu daban. Har jiragen kewayen birni da ake kira *Cercanías* (serkaniyas), waɗanda ke haɗa wasu tashoshi da metro, tikitin metro ba ya buɗe ƙofarsu. Ka duba alamar da ke saman ƙofa kafin ka ɗora kati.

A ce za ka Toledo, tafiyar kusan rabin awa daga tashar Atocha. A tagar sayar da tikiti, wato *taquilla* (takiya), ka ce: *Un billete para Toledo, por favor.* Tambayar farko da za a yi maka ita ce *¿Ida o ida y vuelta?* (ida o ida i buwelta), zuwa kawai, ko zuwa da dawowa? Ta biyu *¿Para cuándo?*, na yaushe? Ka amsa da *hoy* (oi), yau, ko *mañana* (manyana), gobe. Idan jirgin da ya fi kusa tashi kake so, ka ce *el próximo*. Ana rubuta lokaci da tsarin awa 24, don haka 17:20 shi ne biyar da minti ashirin na yamma.

A jikin tikitin ka nemi kalma biyu: *coche* (koce), lambar tarago, da *plaza*, lambar kujera. Kujerar kowa a rubuce take, ba a zama inda aka ga dama. Layin dogon da jirgin zai tsaya a kai, wato *vía* (biya), a babban allo ake nuna shi daf da tashi. Ka duba ƙarƙashin `Salidas`, masu tashi, kada ka duba `Llegadas`, masu isowa. Ka zo da wuri, domin ana bi da kaya ta na'urar bincike, kuma ana rufe ƙofar shiga 'yan mintuna kafin tashin jirgi.

Idan abu ya kwaɓe fa?

Idan ka hau jirgi ka ga sunan tasha ta gaba ba shi ne wanda ka rubuta ba, ka ɗauki gefen da ba daidai ba. Ka sauka a tasha ta gaba, amma kada ka fita ta ƙofar kati. A yawancin tashoshi akwai matakala da za ta kai ka ɗaya gefen ba tare da ka sake biya ba.

Idan ƙofa ta ƙi buɗewa, yawanci ɗaya daga abu uku ne: tafiyar da ke katin ta ƙare, ko *sencillo* ɗin na jiya ne, ko kana filin jirgi ba ka zuba ƙarin kuɗinsa ba. Kada ka tsallake ƙofa ko ka manne a bayan wani, domin akwai tara. Ka nemi ma'aikaci, ko ka danna na'urar kira da ke kusa da ƙofar, ka ce *No funciona* (no funsiyona), ba ya aiki. Ka riƙe rasidin da na'ura ta ba ka, shi ne shaidarka.

Idan ka ɓata gaba ɗaya, namiji yana cewa *Estoy perdido*, mace kuma *Estoy perdida*, wato na ɓata. Ka ajiye adireshin masaukinka a rubuce a takarda cikin aljihu, domin waya tana iya mutuwa. Lambar kiran gaggawa a duk Sifaniya 112 ce.

Waɗannan kalmomi suna aiki a sauran ƙasashe masu Sifaniyanci?

Kusan dukansu suna aiki. Hagu, dama, lambobi da tambayoyin nan ɗaya suke daga Madrid har Bogotá. Abu kaɗan ne ke canzawa. A Meziko da Ajantina tikiti *boleto* ne maimakon *billete*. A Meziko sukan auna nisa da *cuadras* (kuwadras), wato adadin layukan gidaje tsakanin titi da titi, kuma sun fi cewa *derecho* idan ana nufin miƙewa, don haka tarkon nan na *derecha* ya fi yawa a can. Sannan kalmar *coger* (kokher), wadda ɗan Madrid ke faɗa kullum da ma'anar hawa mota ko jirgi, batsa ce a waɗannan ƙasashe biyu. Idan ka saba da *tomar* tun yanzu, ka ce *tomar el metro* ko *tomar el autobús*, za a fahimce ka a Madrid, kuma ba za ka ji kunya a ko'ina ba.